Kwana Nawa Ya Kamata Talla Ta Bi Mai Ciniki?

Duk wanda ya taɓa shiga Kantin Kwari ya san yaron shagon nan da ke biyo mai ciniki idan ya taya kaya ya juya. "Hajiya, dawo mana, an sallama!" Sau da yawa Hajiya takan dawo, domin dama ranta na kan atamfar, kuɗin ne bai yi mata ba. Amma yaron ya san iyakarsa. Yakan bi ta zuwa bakin layi, idan ya matsa ya raka ta bakin titi, daga nan sai ya koma shago. Da zai hau adaidaita sahu ya bi ta har gida, ya kuma dawo washegari ya tsaya a ƙofar zaure da atamfar a hannu, da sunan abin ya tashi daga ciniki.

A intanet ana yin wannan bibiyar kullum. Mutum ya duba takalmi a shafin wani kanti da daddare, bai saya ba. Da safe ya buɗe Facebook, ga takalmin. Ya shiga karanta labarai, ga shi a gefe. Mako uku bayan ya sayi wani a kasuwa har ya fara cinye dunduniya, takalmin farko yana nan yana biye da shi. Masu sana'ar talla suna kiran wannan dabara Retargeting, kamfanin Google kuma ya sa wa tasa suna Remarketing tun da ya fito da ita a 2010. A Hausance dai tallar bibiya ce. Tsawon lokacin da za ta bi mutum kuwa ba na'ura ce ke yanke shi da kanta ba. Akwai wani ɗan akwati da mai talla ke rubuta yawan kwanaki a ciki, kuma mafi yawan masu ƙananan kantuna ba su taɓa taɓa shi ba.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar ganewa. Mai kanti yana dasa wani ɗan guntun rubutun kwamfuta a shafinsa, irin su Meta Pixel ko Google tag. Duk wanda ya shigo, sai a yi wa wayarsa ko manhajar da yake shiga intanet da ita alama, yawanci ta hanyar ɗan fayil da ake kira kuki, a jefa shi cikin jerin waɗanda suka ziyarci shafin. Daga wannan jeri ake zaɓar waɗanda za a nuna wa talla. A Google Ads akwatin kwanakin sunansa Membership duration, yana zuwa da 30 a rubuce, kuma ana iya ja shi har kwana 540. A Meta, mai Facebook da Instagram, shi ma 30 ne ke zaune a gurbin, iyakarsa ga masu ziyartar shafi kwana 180. Akwai wani abu da ke shige wa mutane duhu: agogon yana komawa farko duk lokacin da mutum ya sake shigowa. Wanda ya leƙo a rana ta 29, ko da kuskure ya taɓa tallar, an sake buɗe masa sabon wata guda ke nan.

Wannan 30 ɗin ba sakamakon binciken kayan kowa ba ne. Lamba ce da kamfanonin suka ajiye domin kada akwatin ya zauna fayau, kuma ita ce ke gaban mai sayar da kilishi da mai sayar da filaye baki ɗaya.

To yaushe sha'awar mai ciniki ke fara sanyi? An gwada wannan da gaske. Wasu masana harkar kasuwanci uku, Navdeep Sahni da Sridhar Narayanan na Jami'ar Stanford, da Kirthi Kalyanam na Jami'ar Santa Clara, sun yi gwaji da BuildDirect, wani kamfanin ƙasar Kanada da ke sayar da kayan gini da gyaran gida ta intanet. Sun ɗauki mutane sama da 230,000 da suka duba kaya suka fita ba su saya ba, suka raba su ta hanyar ƙuri'a: wasu aka bi su da tallar kamfanin, wasu ba a bi su ba, aka kuma sassaɓa yawan tallar da lokacinta har tsawon mako huɗu. Sakamakon da suka wallafa a 2019 ya nuna cewa bibiyar ta ƙara yawan masu dawowa shafin da kashi 14.6 cikin 100. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne inda amfanin ya taru. Kashi ɗaya cikin uku na tasirin tallar makon farko ya faru ne a rana ta farko, rabinsa kuma a cikin kwana biyun farko. Ga shi kuwa kayan da ake magana a kai irin su katakon daɓe ne da tayil, waɗanda ba a saye da garaje. Idan har a irin wannan kaya ƙarfin talla na cikin kwanakin farko, ina ga takalmi ko gyale?

Binciken bai ce a daina bayan kwana biyu ba. Ya gano cewa tallar mako na biyu ta fi aiki a kan wanda aka riga aka bi a makon farko. Wato bibiyar da aka fara da wuri aka ci gaba da ita tana da amfani, wadda aka bari ta huce sannan aka taso da ita ba ta kai ta ba.

Gaggawa ma tana da nata aibin. Wani gwaji da aka yi da wani kantin tufafi na intanet a Japan, wanda Xueming Luo da abokan aikinsa suka wallafa a 2021, ya duba saƙonnin tuni da ake tura wa waɗanda suka zuba kaya a kwando suka fita ba su biya ba. Saƙon da ya isa cikin rabin awa zuwa awa guda rage ciniki ya yi, wanda ya isa bayan kwana ɗaya zuwa uku kuma ya ƙara shi. Mutumin da bai gama juya baya ba bai manta da kayan ba balle a tuna masa, sai ya ji kamar an riƙe masa riga. Saƙon kai tsaye ba daidai yake da hoton talla a gefen shafi ba, amma darasin ya shafi duka biyun.

Duk da haka, adadin da ya dace da wani kanti ba a cikin mujallar masana yake ba. Yana cikin littafin cinikin kantin. Tambayar da mai kanti zai fara amsawa ita ce: waɗanda suka saya a wurina, kwana nawa suka yi tsakanin ganin kaya da biyan kuɗi? Google Ads yana da rahoto mai suna Days to conversion da ke nuna tazarar da ke tsakanin taɓa talla da saye. Wanda cinikinsa ke ƙarewa a WhatsApp zai iya samun kusan wannan amsar da hannu, ta hanyar duba ranar saƙon farko na kowane mai saye da ranar da kuɗinsa ya shigo.

A ɗauki misali, wanda lambobinsa na kwatance ne kawai. Wata mata a Kano tana sayar da shadda da leshi ta shafinta na intanet. Mutum 200 ke shiga shafin a kullum. Ta zauna ta duba masu saye 100 na baya-bayan nan, ta tarar 55 sun biya a ranar da suka fara gani, 25 sun dawo cikin kwana uku, 12 tsakanin rana ta huɗu da ta bakwai, biyar a mako na biyu, uku kacal bayan haka. Mutum 55 na farko ba ruwansu da bibiya, sun riga sun saya. Sauran 45 su ne abin nema, kuma 37 daga cikinsu sun dawo ne kafin mako ya cika.

Yanzu a dubi kuɗinta. Ta ware naira 5,000 a rana, a ƙaddara kuma ana cajinta naira 2,000 kan kowace nunawa dubu. Ke nan tana da nunawa 2,500 a kullum. Idan ta bar akwatin a 30, jerinta zai tara kusan mutum 6,000, kuma idan aka raba daidai kowa zai ga tallarta ƙasa da sau ɗaya a kwana biyu. Daga cikin dubu shidan nan, 4,600 sun wuce mako guda da ziyara, wato suna cikin zangon da ya ba ta ciniki takwas kacal cikin ɗari. Manhajar talla takan yi ƙoƙarin karkata ga waɗanda take ganin sun fi kusa da saye, gaskiya ne, amma tana buƙatar ciniki mai yawa kafin ta koyi hakan, ƙaramin kanti kuwa ba ya ba ta isasshe. Idan matar ta mayar da kwanakin bakwai, jerin ya koma 1,400, kuɗin nan dai bai canja ba, amma kowane mutum zai ga shaddar kusan sau biyu a rana a daidai lokacin da take ransa.

Masu gogewa ba sa tsayawa kan lamba guda. Sukan yanka kwanakin zango-zango, kuma dabarar yankan ita ce cirewa. Matar za ta buɗe jeri uku: na kwana 3, na kwana 7, da na kwana 14. Tallar farko ta tafi ga jerin kwana 3, mutum kusan 600. Ta biyu ta tafi ga jerin kwana 7 amma a cire duk wanda ke cikin na kwana 3, sai a samu mutanen rana ta huɗu zuwa ta bakwai, kusan 800. Ta uku ta tafi ga jerin kwana 14 a cire na kwana 7. Zangon farko shi zai ci mafi yawan kuɗin, a nuna masa ainihin shaddar da ya duba da farashinta. Na biyu a amsa masa abin da ya tsayar da shi, wanda a kasuwancin intanet na Najeriya sau da yawa rashin amincewa ne: shin kayan za su zo kamar yadda suke a hoto, kwana nawa kafin su iso Kaduna, ana iya biya idan an kawo? Na uku a ba shi ɗan abin da ya rage, a kuma canja hoton, domin wanda ya ƙi shuɗiyar shadda sau goma sha biyar ba zai so ta a karo na sha shida ba. Daga rana ta 15 a sake shi.

Akwai kuskuren da ake yawan yi a nan, wato ajiye rangwame a zangon farko. Mai ciniki da ya lura cewa duk wanda ya zuba kaya a kwando ya fita ana biyo shi da ragi washegari, zai riƙa fita da gangan, ya kuma gaya wa ƙawaye.

Ba kowane kanti ke da mutum 200 a rana ba. Google ba ya fara nuna talla a shafukan da ke hulɗa da shi sai jeri ya kai aƙalla mutum 100 da suka motsa cikin kwana 30 da suka wuce. Kantin da mutum goma ke shiga a kullum, jerinsa na kwana uku mutum 30 ne, kuma ko su ba duka manhajar za ta iya ganewa ba. Irin wannan dole ya tsawaita kwanakin zuwa 14 ko 30 domin jerin ya cika, sannan ya rage kuɗin da yake zubawa a kullum. In ba haka ba, 'yan tsirarun mutanen nan ne za su riƙa ganin talla guda sau takwas a yini.

Nau'in kaya yana sauya lissafin sosai. Mai neman abincin rana ko tikitin motar gobe, sha'awarsa ba ta kwana biyu. Mai neman injin sola da batura na gida kuwa zai tambayi farashi wuri uku, ya kira mai haɗawa ya zo ya duba, ya yi shawara da iyali, ya jira kuɗi su taru. Wannan ana iya binsa wata biyu ko uku, amma a hankali, kamar sau biyu a mako, da bayanin da zai taimaka masa yanke shawara. Wani bincike da Anja Lambrecht da Catherine Tucker suka wallafa a 2013 kan wani kamfanin tafiye-tafiye ya gano cewa nuna wa mutum ainihin otal ɗin da ya duba bai kai tallar kamfanin ta gaba ɗaya tasiri ba, sai fa idan mutumin ya kai matakin bin shafukan da matafiya ke bayyana ra'ayoyinsu yana tantancewa. Doguwar bibiya da hoton abu guda ba ta dace da wanda bai tsayar da abin da yake so ba.

Kalanda ma tana da ta cewa, wani lokaci fiye da kowane rahoto. Ma'aikacin da ya duba agogo ranar 10 ga wata bai fasa ba, albashi yake jira, saboda haka kantin da mafi yawan masu sayensa 'yan albashi ne yana da hujjar kashe bibiyar a tsakiyar wata ya sake kunna ta daga ranar 25, da jerin kwana 30. Kayan sallah kuma suna da ranar mutuwa. Da zarar teloli sun daina karɓar ɗinki a ƙarshen azumi, tallar yadi ta zama asara ko da mutum jiya ya duba. Amma jerin masu duba kayan ƙaramar sallah yana da amfani idan aka adana shi ba tare da an yi masa talla ba, domin tsakaninta da babbar sallah kwana saba'in ne ko kusa da haka, kuma jerin kwana 90 zai riƙe su har lokacin. Tsawon jeri daban, tsawon bibiya daban. Ana iya ajiye mutum a jeri wata uku a yi masa magana mako biyu kawai.

Sai maganar wanda ya riga ya saya, wadda ita ce ta fi ɓata wa mutane rai. Ƙa'ida ita ce a buɗe jerin masu saye a cire shi daga duk tallar bibiya. Matsalar kantunan nan ita ce cinikin yakan fara a shafi ya ƙare a WhatsApp da turin kuɗi ta banki, inda Meta Pixel ba ya gani. A idon manhajar, Hajiyar da ta biya kuɗin leshi har ta kai wa tela tana nan a matsayin wadda ta duba ta gudu. Mafita mafi sauƙi ita ce a gajarta kwanakin, domin kuskuren ya mutu da wuri. Ana kuma iya loda lambobin wayar masu saye a matsayin jerin da za a cire, amma wannan bayanan mutane ne, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta a sami halastaccen dalili, irin su amincewar mai lambar, kafin a yi amfani da su. A gidajen da ake aron waya kuma akwai wani abin lura: saurayin da ya duba akwatunan lefe zai iya samun tallar ta riga shi sanar da gida.

Ko da mai talla ya rubuta kwana 180, ba lallai alamar ta rayu haka ba. Tun 2019 manhajar Safari ta wayoyin iPhone ta taƙaita rayuwar kukin da irin waɗannan rubutun ke dasawa zuwa kwana bakwai, a Maris na 2020 kuma ta toshe kukin kamfanonin waje gaba ɗaya. Firefox ma ta fara toshe masu bibiya tun 2019. A Afrilun 2021 Apple ya fara tilasta wa manhajoji su nemi izini kafin su bi mai iPhone daga wata manhaja zuwa wata. Chrome, wadda ke kan yawancin wayoyin Android da suka fi yawa a Najeriya da Nijar, ta yi shelar za ta bi sahu, sannan a 2024 Google ya janye. Duk da haka mutane na sauya waya, suna goge tarihi domin samun sarari. Wannan na rage jerin dogon zango, yana kuma gurɓata rahoton kwanaki: wanda ya duba yau ya dawo bayan mako uku da sabuwar alama, za a rubuta shi a matsayin baƙon da ya saya a ranar farko. Saboda haka rahoton yakan nuna ciniki ya fi sauri fiye da gaskiyarsa, kuma yana da kyau a ɗan ƙara kwanaki a kan abin da ya nuna.

Ta yaya mai kanti zai gane ya wuce gona da iri? A Meta akwai layi mai suna Frequency da ke nuna sau nawa kowane mutum ya ga tallar. Idan wannan lamba tana hawa mako bayan mako, masu taɓa tallar suna raguwa, kuɗin da ake kashewa kafin a sami ciniki guda yana ƙaruwa, to zangon ya gaji. Idan kuma mutane sun fara ɓoye tallar ko suna rubuta "mun gani, ya isa" a ƙarƙashinta, an makara.

Amma akwai tarkon da ya fi wannan zurfi, kuma ya fi kama masu gajeren zango. Rahoton jerin kwana uku kusan kullum yana da kyan gani, domin mutanen cikinsa su ne dama suke dab da saye. Meta tana lissafa wa talla duk cinikin da ya faru cikin kwana bakwai bayan an taɓa ta, ko kwana ɗaya bayan an gan ta kawai. Matar da ta je karɓo kuɗi wurin mai gida, ta dawo da niyyar biya, idan tallar ta gifta ta gabanta a hanya, cinikinta ya zama na talla a rahoto. Shi ya sa masu binciken BuildDirect suka ware rukunin da ba a bi ba, domin bambancin da ke tsakanin rukunan biyu shi kaɗai ne aikin tallar. Ƙaramin kanti ba zai iya raba mutum dubu ɗari biyu ba, amma yana da gwajin da ya fi ƙarfin zato. Ya kashe zango mafi tsufa na tsawon mako biyu, ya bar komai yadda yake, ya dubi jimlar cinikin da ya shiga asusunsa na banki maimakon abin da allon talla ke faɗa. Kada makonnin su faɗa kan sallah ko ƙarshen wata, kuma gara a maimaita sau biyu kafin a yanke hukunci. Idan ciniki bai motsa ba, kuɗin wannan zangon kyauta ake ba kamfanin talla, sai a yanke shi a gwada na gaba da shi. Idan ya faɗi, a mayar da zangon.

Ga mai kantin da kayansa ba su wuce tufafi, takalma, turare da kayan kicin ba, kuma bai riga ya duba littafinsa ba, kwana 7 zuwa 14 ya fi 30 kusa da daidai a matsayin mafari, tare da cire duk wanda ya saya. Mai sola, mai fili da mai kujerar Umara su fara daga wata biyu, su rage yawan nunawa. Kowannensu kuma, kafin ya sake zuba ko kwabo, ya buɗe saƙonnin masu sayensa hamsin na ƙarshe ya ƙirga kwanakin da kowanne ya yi kafin ya biya.